Abin da jan biron Farfesa ya koya mini

Yanzu da na miƙa makullin ofis, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa. Duk wanda ya zauna a sashenmu ya san ba rubutun da ke fita sai ya bi ta teburin Farfesa, har da 'yan layukan nan na ƙarƙashin hoton mai bincike.

Da za a buga ɗan littafin ranar manoma, aka ce kowa ya kawo taƙaitaccen tarihinsa. Na rubuta: "Ina bincike kan wuta-wuta, ciyawar da ke kama saiwar dawa da gero da masara ta tsotse su tun kafin ta ɓullo. Ina gwada yadda shuka waken soya karɓa-karɓa da masara ke rage irinta a ƙasa." Farfesa ya soke shi a gaban ɗalibai, ya ce, "Dakta, wannan ai tallar maganin gargajiya ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, malaman gona ne za su karanta." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya maye gurbinsa da Striga hermonthica, wato sunan wuta-wuta na kimiyya, da jerin mujallu, da h-index ɗina.

Ina ruwan malamin gona da h-index? Idan an ce naka 9 ne, ana nufin kana da maƙaloli 9 da aka ambaci kowace aƙalla sau 9. Kwamitin ƙarin girma ke buƙatar wannan. Mai gonar da wuta-wuta ta cinye so yake ya ji ko kai ne mutumin da zai nema, kuma daga abin da aka buga ba zai taɓa ganewa ba.

Ban ce a zubar da maƙaloli ba, su ne shaidarka. Amma ka ɗauki biyu kawai, ka faɗi abin da suka gano maimakon takensu. Nawa ga shi: saiwar waken soya na sa irin wuta-wuta ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu. Sai ka haɗa da iyakarsa, domin irin nan kan yi fiye da shekara 10 a ƙasa, damina ɗaya ba ta gamawa da shi. Wanda ya sauƙaƙa magana ya jefar da wannan, shi ne mai tallar da Farfesa ke tsoro. Ni ban jefar ba.

Sauran cikakken jerin maƙalolin a bar wa ORCID da Google Scholar, shafukan intanet da ke tattara ayyukan masu bincike. A ajiye tarihi iri biyu, na masana da na jama'a. Na jama'ar kuwa a karanta wa malamin gona. In ya kasa maimaita aikinka da bakinsa, a sake.

Inda zan koma sun nemi tarihina, na aika musu da wanda aka soke, ko wasali ba su taɓa ba.