Takardar Tana Hannu, Amma Ba Ta Dace Da Motar Ba

Na yi shekaru ina kula da motoci da direbobi a wani kamfanin rarraba kaya, kuma a farkon aikin na ɗauka cewa matsalar takardun mota ba ta wuce mantuwa ba, wato direba ya fita ya bar jakarsa a gida. Sai daga baya na gane cewa idan aka ce takarda babu, abubuwa uku ake nufi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai takardar da aka manta da ita alhali tana nan da ingancinta, akwai wadda wa'adinta ya ƙare, sannan akwai wadda take hannu, kwanan watanta bai wuce ba, amma abin da aka rubuta a cikinta ya saɓa wa motar da ke tsaye a gaban jami'i.

Takardun da kusan kowace ƙasa take nema guda huɗu ne, kuma kowace tana amsa tambaya guda. Lasisin tuƙi yana nuna cewa an yarje wa mutumin ya tuƙa irin wannan mota. Takardar rajista tana haɗa motar da lambarta da mai ita. Takardar inshora tana tabbatar da cewa akwai mai biya idan motar ta yi wa wani ɓarna ko rauni, ita kuwa takardar shaidar lafiyar mota tana nuna cewa an duba birki da fitilu da tayoyi da sitiyari. Motar haya ko ta kaya takan buƙaci ƙarin izini da takardar kayan da aka ɗauko, wanda zai tsallaka iyaka kuma sau da yawa yana buƙatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda ba ya aiki sai an haɗa shi da lasisin gida.

Mantuwa ita ce mafi sauƙi. Hukuncinta ya danganta da dokar wuri: a wasu ƙasashe tara ce ƙarama, a Birtaniya kuwa akan ba direba kwana 7 ya kai takardun ofishin 'yan sanda. Ƙarewar wa'adi ta fi haka tsanani, domin a idon doka inshorar da ta ƙare jiya da tsakar dare daidai take da wadda ba a taɓa yanka ba, kuma idan haɗari ya auku da safe, mai motar ne zai biya daga aljihunsa. Amma ta ukun ce ta fi koya mini darasi, saboda ita ce ke sauya tambayar daga "ina takardarka?" zuwa "motar wa ce wannan?"

Abin ya faru ne da wata ƙaramar motar kaya da injinta ya buga. Muka sayi wani inji na hannu, bakanike ya ɗora, mota ta tashi lafiya, muka yi murna. Babu wanda ya tuna cewa a takardar rajistarmu an rubuta lambar tsohon injin, ni ma ban tuna ba, alhali aikina ne. Bayan kamar wata biyu, direbanmu, dattijo mai natsuwa wanda bai taɓa jawo mana magana ba, ya isa wani shingen bincike da kaya cike da mota. Ya miƙa takardu cif, babu wadda ta ƙare. Jami'in ya sa aka buɗe bonet, ya goge maiƙon da ke jikin injin da tsumma, ya haska tocila, ya karanta lambar da aka buga a ƙarfen yana kwatanta ta da takarda harafi bayan harafi. Direban ya kira ni muryarsa a sanyaye ya ce, "Yallaɓai, sun ce injin nan ba na motar nan ba ne, kuma ba ni da abin da zan nuna musu."

Ban ga laifin jami'in ba, a lokacin ko yanzu. Inji mai baƙuwar lamba alama ce da ake gane motar sata ko kayan sata da ita, kuma ba shi da hanyar sanin gaskiyarmu sai ta takarda. Aka tsare motar kwana huɗu. A cikin kwanakin sai da na nemo rasidin sayen injin, wanda Allah ya taimake mu mai sayarwa ya rubuta lambar injin a kai, na karɓo wasiƙa daga garejin da aka yi aikin, sannan na je ofishin rajista aka sabunta bayanin motar. Tarar da muka biya ba ta kai rabin asarar da muka yi ba, domin mun yi hayar wata mota ta kwashe kayan, mun biya kuɗin ajiya, mun kuma ɓata wa abokin ciniki rai. Abin da ya fi tsaya mini a zuciya shi ne dattijon da ya wuni ana yi masa tambayoyi kamar ɓarawo saboda sakacin da ba nasa ba.

Tun daga nan na daina duba takarda a kan tebur, na koma duba ta a jikin mota. Lambar shasi ta motocin zamani tana da harufa da alƙaluma 17, ana samunta a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, kuma galibi an buga ta a ƙarfen shasin kansa. Ba a amfani da harufan I da O da Q a cikinta, saboda kada a rikita su da 1 da 0, don haka duk takardar da ka ga an rubuta harafin O a lambar shasinta, magatakarda ya yi kuskure. Sauran wuraren da ake yawan tuntuɓe su ne 5 da S, da 8 da B, da 2 da Z. Da na bi motocinmu ɗaya bayan ɗaya, sai na samu wata da takardar inshorarta ta juya alƙaluma biyu na lambar shasi, kuma ta shekara tana yawo a haka. Irin wannan kuskure yakan kwanta shiru har ranar da aka je neman diyya, ranar ce kamfanin inshora zai ce motar da ke cikin littafinsa daban ce. Haka nan launi: idan aka sake wa mota fenti daga fari zuwa shuɗi, takardar rajista ma sai an gyara ta.

Lasisi ma yana da irin wannan tarko, wato rukuni. Direba mai lasisin ƙaramar mota, idan aka ɗora shi a kan babbar mota da ta wuce nauyin da rukuninsa ya halatta, matsayinsa ɗaya da marar lasisi, ko da katin sabo ne fil. Illar ba ta tsaya ga tara ba, domin kamfanin inshora yana iya ƙin biyan ɓarnar motar, ko ya biya wanda aka ji wa rauni sannan ya juyo ya nemi kuɗinsa daga mai mota.

Game da fotokwafi da hoton takarda a waya, na koyi kada in dogara da su sai inda doka ta faɗi ƙarara cewa ana karɓarsu. Amfaninsu na gaskiya shi ne ranar da ta ainihin ta ɓace, domin lambobin da ke jikinsu suna sauƙaƙa kai rahoto da neman sabuwa. Yanzu kowace mota tana da jakarta da ke zama a cikinta, kwafin yana ofis, kuma ina fara sabunta kowace takarda kwana 30 kafin ta ƙare. Idan aka sauya inji ko fenti, makullin motar yana zama a aljihun teburina har sai gyararriyar takarda ta dawo, na kuma tsaya a gaban bonet na karanta lambar da bakina, direba yana bin takardar da yatsa.