Matar da ba ta shirya fita ba tukuna

A ɗakin awon ciki da nake aiki, tambayar "mijinki yana dukanki?" ba ta cika kai mu ko'ina ba. Mace za ta ce a'a, ko ta ce zo mu zauna zo mu saɓa ne. Abin da aiki ya koya mini shi ne in tambayi tsoro: idan kin ji tsayuwar mashin ɗinsa a ƙofar gida, me kike ji a ƙirjinki? Wa ke riƙe da wayarki da kuɗin sana'arki? Yaushe rabonki da gidanku? A saɓani na yau da kullum kowa yana iya faɗin nasa. Idan ɗaya ne kullum yake auna maganarsa don gudun abin da zai biyo baya, an wuce saɓani.

Tambayar da ba na tsallakewa ita ce ta shaƙewa. Binciken su Jacquelyn Campbell a Amurka ya nuna macen da mijinta ya taɓa shaƙe wa wuya, haɗarin ya kashe ta ya ninka kusan sau 7. Sau da yawa babu tabo, sai dishewar murya, wahalar haɗiya, ko jan ɗigo a farin ido, kuma kumburin maƙogwaro na iya tasowa bayan sa'o'i. Wannan maganar asibiti ce a ranar.

Wata mai ciki wata 6, da yara biyu, ta amsa cewa mijinta ya taɓa shaƙe ta. Ta kuma ce ba za ta fita ba, don ta yi yaji a baya an mayar da ita da "ki yi haƙuri". Ban ja da ita ba. Lokacin rabuwa ma shi ne mafi haɗari idan babu shiri. Sai muka tsara zaman. Idan rigima ta taso, ta guji madafi, inda wuƙa da taɓarya da ruwan zafi suke, ta matsa tsakar gida kusa da zaure. Babban ɗanta kada ya shiga tsakani, ya ruga wurin maƙwabciya ya ce an aiko shi aron rariya, ita kuwa ta san me hakan ke nufi. Katin ɗan ƙasa da kuɗin mota suka koma hannun yayarta. Lambar kawunta, wanda mijin ke jin nauyinsa, ta haddace ta, domin waya ce abin da yake fara ƙwacewa.

Na faɗa mata ƙarara cewa shirin ba ya hana duka, rage haɗari kawai yake. Muka yi yarjejeniya: idan ya sake kai hannu wuyanta, ko ya ambaci kisa, ko ya ɗauko makami, daren nan ba za ta kwana a gidan ba. Takarda kuwa ban ba ta ko ɗaya ba, saboda yana bincika jakarta.