Abin da aikin wakilin kuɗin waya ya koya mini game da fulot

Wanda bai taɓa zama a teburin wakilin kuɗin waya ba yana ɗauka cewa aikin bai wuce karɓar kuɗi da danna waya ba. Daga waje haka abin yake. Amma da na yi aikin na gane cewa yinin wakili duka yana tafiya ne a kan fulot, wato jarin da yake juya harkar da shi, kuma wannan jari kashi biyu ne: tsabar kuɗin da ke cikin aljihun tebur, da kuɗin da ke cikin layinsa na wakilci. Duk wanda ya zo ajiya ko ya zo cirewa, ɗebe kuɗi yake yi daga ɗaya ɓangaren yana mayar da shi ɗayan.

Idan mutum ya zo sa kuɗi a asusunsa, yana miƙa wa wakili tsaba, wakili kuma ya tura masa daidai wannan adadi daga layinsa. Aljihun tebur ya ƙaru, layi ya ragu. Idan cirewa ya zo yi, sai abin ya juya: kuɗi ya fita daga asusun kwastoma ya shiga layin wakili, wakili ya ƙirga masa tsaba. Kamar sikeli ne, ɓangare ɗaya ba ya hawa sai ɗayan ya sauka, jimillar kuma tana nan yadda take. Abin lura shi ne kamfanin kuɗin waya ba ya ba wakili kuɗin layi kyauta. Wakilin ne yake saya da kuɗinsa, daidai adadin da za a loda masa, kuma kowane kuɗin da ke yawo a wayoyin mutane yana da takwaransa a ajiye a wani asusu na musamman a banki. A kan wannan tsari harkar kuɗin waya ta M-Pesa ta tashi lokacin da kamfanin Safaricom ya fara ta a Kenya a shekarar 2007. Saboda haka kuɗin da wakili yake miƙa wa mai cirewa nasa ne na kansa, daga jarinsa.

A ce wakili ya buɗe da safe da jarin dubu 500: dubu 300 a layi, dubu 200 tsaba. Mutum uku suka zo a jere, ɗaya ya cire dubu 50, ɗaya dubu 80, ɗaya dubu 40. Tsaba ta koma dubu 30, layi ya hau dubu 470. Sai ga na huɗu yana son dubu 60. Wakilin nan ko sisi bai yi asara ba, jarinsa cif yake, amma ba zai iya biyan mutumin ba, domin kuɗin duk sun taru a ɓangaren da ba a buƙata a wannan lokaci. Idan ya yi sa'a wani ɗan kasuwa ya shigo ya ajiye dubu 100, tsaba ta zama dubu 130, layi ya sauka dubu 370, harka ta sake buɗewa. Idan ba a samu mai ajiya ba kuwa, haka zai zauna yana ba mutane haƙuri, ga kuɗi a waya, ga hannu babu.

Wannan ne darasin da ya fi tsaya mini a rai. Yawan jari kaɗai ba ya hana wakili tsayawa. Sanin inda kuɗi yake karkata a wurin da yake aiki ne yake hanawa. Akwai wuraren da mutane suke samun kuɗi suna tura wa iyalansu, a nan ajiya ce take rinjaye, kuma layin wakili ne yake fara ƙarewa yayin da aljihun tebur yake cika. Akwai wuraren da ake karɓar abin da aka turo, a nan cirewa ce take yawa, tsaba ce take ƙarewa. Ko a wuri ɗaya ma lokaci yana sauya abin: ƙarshen wata da an biya albashi cirewa takan yi yawa, da yamma kuma masu shaguna sukan kawo cinikin yini su ajiye. Wakilin da ya san wurinsa ba ya raba jarinsa rabi da rabi don kawai lissafi ya yi kyau. A misalin da na bayar, da ya san safiyarsa ta masu cirewa ce, da ya buɗe da dubu 350 tsaba da dubu 150 a layi, kuma da mutum na huɗu ya tafi da kuɗinsa.

Idan ɓangare ɗaya ya ƙare, dole a daidaita. Wakili yakan je banki ko wurin babban wakili da aka ba izini, ya ba da kuɗin layi ya karɓi tsaba, ko ya kai tsaba a loda masa layi. Wasu kuma sukan yi musaya da wani wakili na kusa wanda matsalarsa kishiyar tasu ce, ɗaya tsaba ta yi masa yawa, ɗaya layi. Kowace tafiya tana da tsadarta. Akwai kuɗin mota, akwai teburin da aka rufe ko aka bar wa yaro, akwai haɗarin tafiya da kuɗi a jiki. Shi kuma abin da wakili yake ci shi ne kamasho a kan kowace mu'amala, kuma kamashon ɗan kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin da yake wucewa ta hannunsa. Don haka riba tana zuwa ne daga yawan juyawar jari. Dubu 500 da ta je ta dawo sau uku a yini ta yi aikin da miliyan ɗaya da rabi za ta yi idan sau ɗaya ta motsa. Ni dai a ganina gara a sa wa kai iyaka, misali da tsaba ta sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na jari a fara shirin daidaitawa, maimakon a jira sai an kori kwastoma. Wanda aka ce wa babu sau biyu ko uku yakan nemi wani tebur, kuma ba lallai ya dawo ba.

Sai batun tsarin da ake bi wajen miƙa kuɗi, inda mafi yawan asara take faruwa. Ƙa'idar da na riƙe ita ce abin da zai shigo hannun wakili ya fara tabbata kafin nasa ya fita. A wajen ajiya, a karɓi tsaba, a ƙirga a gaban mai ita, a duba ko akwai jabu, sannan a shigar da lamba. Kafin a danna lambar sirri a karanta wa kwastoma sunan da ya fito da adadin, ya amsa da bakinsa, domin kuɗin da ya tafi lambar wani yana da wuyar dawowa idan wancan ya riga ya cire. A wajen cirewa kuwa, ba a miƙa tsaba don kwastoma ya nuna saƙo a wayarsa. Ko saƙon da ya shigo wayar wakili ma ba hujja ba ce ita kaɗai, domin 'yan damfara suna rubuta saƙo mai kama da na kamfani su turo daga wata lamba. Hujja ita ce balans. Idan layi yana dubu 370 aka ce an turo dubu 60, sai an ga dubu 430 kafin hannu ya shiga aljihun tebur. Ranar da sabis ya yi rauni, kwastoma yana gaggawa, layin mutane kuma ya yi tsawo, ranar ce aka fi gwada mutum a kan wannan. Kuma idan an tura ajiya saƙo bai zo ba, kada a sake turawa kafin a duba balans, domin sau da yawa na farkon ya riga ya wuce.

Da dare, kafin a rufe, lissafi ɗaya ne ake yi: tsaba a haɗa da layi, a ga ko sun ba da jarin safe. Kamasho a ajiye shi gefe a lissafi, musamman da yake a wasu tsare-tsaren ba a biyansa nan take, sai a tara shi a biya daga baya. Idan an tashi da dubu 500 aka samu dubu 455, to dubu 45 ta ɓata, kuma littafin da ake rubuta kowace mu'amala ne zai nuna inda ta shiga. A fara bin littafin a ga nawa ya kamata kowane ɓangare ya kasance. Idan layi ya yi daidai da littafi amma tsaba ta gaza, matsalar ta hannu ce: an ƙirga wa wani fiye da haƙƙinsa, ko an ɗebi kuɗi ba a rubuta ba. Idan tsaba ce daidai layi ya gaza, to a duba tarihin mu'amala a waya, ko an tura ajiya sau biyu, ko an biya cirewar da ba ta shigo ba. Adadin giɓin ma yana ba da haske. Idan yana rabuwa gida tara ba saura, a yi zargin an ƙara sifili ko an juya lambobi biyu. Dubu 45 ɗin nan, alal misali, ita ce daidai bambancin da ake samu idan mutum ya ba da dubu 5 aka tura masa dubu 50. Irin wannan kuskure idan an gano shi a daren, akwai damar kiran kamfani ko mai lambar tun kuɗin yana nan. Bayan mako guda kuwa sai dai a yi ta canki-canki.

Giɓin da ya fi cin jari ba na damfara ba ne, na gida ne. Wakilin da yake sayar da kaya a gefe yakan zuba cinikin shago cikin aljihun fulot, ya ɗebi kuɗi daga nan ya biya mai kawo kaya, ya tura wa wani idon sani ajiya a kan zai kawo tsabar anjima. Kowanne ƙarami ne a idonsa, amma daga ranar da kuɗin suka gauraya, lissafin dare ya daina aiki, domin ba a san adadin da ya kamata a samu ba. Na ga wakilin da jarinsa ya zaizaye ta haka har ya kai ba ya iya biyan cirewar dubu 30, alhali babu wanda ya sace masa komai. Da aka zauna aka bi bayansa, fiye da rabin abin da ya ɓata bashi ne a hannun mutanen da ya sani, sauran kuma yana kan kantar shagonsa ya zama kaya.