Ni ma na taɓa zuba komai a filashi ɗaya

Ranar Asabar a wani shagon kwamfuta da ke Ƙofar Kaura na tarar da ɗan yayata yana sauke manhajar zane ta CorelDRAW mai ɗauke da sunan `Portable`, wai zai riƙa aiki da ita a kwamfutocin makarantarsu. Gabana ya faɗi, don na san hanyar.

Lokacin da nake ɗalibi, kwamfutocin ɗakin karatunmu a kulle suke. Ka danna `setup.exe`, ta tambaye ka kalmar sirrin mai kula da ɗakin, domin cikakkiyar manhaja sai ta rubuta kanta cikin `Program Files`. To me zan yi? Na koma wa wadda ba a girkawa, wadda ke tashi daga filashi, ta ajiye saitinta a cikin foldarta. Na zuba LibreOffice Portable da Firefox Portable, har yau kuma ban ga laifina a nan ba. Wautar ita ce na haɗa su da furojet ɗina a filashi guda, na kuma bar Firefox tana riƙe min kalmomin sirri. Tana adana su ne a `Data\profile`, wato duk wanda ya tsinci filashin ya tsinci imel ɗina.

Wata rana na soka shi a wata kwamfutar, na buɗe, sai ga kowace folda da ƙaramar kibiya a gindinta, girmanta bai wuce 2 KB ba. Bairos ne mai ɓoye foldoji ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Cikin ruɗewa na yi fomatin, babi uku na furojet ɗina suka tafi. Ashe kafin fomatin suna nan, ɓoye su kawai aka yi, kuma da layin umarni ɗaya a `cmd` ya fito da su, idan filashin `E:` ne:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Wa zai gaya min a lokacin? Amma dai ban tambayi kowa ba.

Na ce wa yaron: "Kai, kamfanin bai fitar da irin wannan ba. Wani ne ya fasa ta, ba ka san abin da ya cusa ciki ba." Ya ce, "Kawu, ai kowa ita yake sawa." Yaran yanzu ke nan, idonsa ko ɗagowa daga waya bai yi ba.

Manhajar da za ka yi zango guda kana darasi da ita, je ka roƙi malamin ɗakin ya girka cikakkiya. Ta fi sauri, kuma in aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, ba filashinka ne zai lalace ba. Ta filashi kuwa, ƙananan abubuwa kawai, daga shafin masu ita, kuma kada ta riƙe maka kalmar sirri ko ɗaya. Da son raina ne ma kada ka soka filashi a kwamfutar jama'a sam. Sai dai na san malamin zai iya ce maka ka dawo gobe, aikin kuma jibi za a karɓa, don haka soka, amma ka fara tura wa kanka kwafin aikin ta imel.