Yadda muke sa naushi ya yi nauyi a wasan faɗa

Aikin ɗan kamfaninmu shi ne gyara wasannin faɗa na kwamfuta da waya waɗanda aka gama haɗa su amma dukan cikinsu ba ya ratsa mai wasa. Ƙorafin masu kawo mana aiki kusan ɗaya ne: zane ya yi kyau, ma'aunin jini yana raguwa, amma naushi yana wucewa ta jikin abokin karawa kamar an daki iska. Yawancinsu da maganinsu suke zuwa: "A ƙara mana girgizar allo kawai, ai ba wani aiki ba ne." Daga nan kuma sai ciniki.

Girgiza ita ce ta ƙarshe da nake taɓawa. Daskarewa nake fara gyarawa, wato 'yar tsayuwar da mayaƙa ke yi idan duka ya sauka.

Wasan faɗa yana tafiya ne a firam 60, wato hotuna 60 a jere, cikin daƙiƙa ɗaya. Wani da muka gyara, babban naushinsa yana taɓa jiki na tsawon firam 3 ne kacal, wato milisakan 50. Kafin ido ya tabbatar an haɗu, hannu har ya fara komawa. Sai muka tsayar da mai duka da wanda aka daka a daidai firam ɗin da suka haɗu: firam 6 ga ƙaramin naushi, 9 ga matsakaici, 12 ga babba. Firam 12 kashi ɗaya ne cikin biyar na daƙiƙa, mai wasa ba ya ganinsa a matsayin tsayawa, nauyi yake ji. A cikin wannan tsayuwar muna karkaɗa hoton wanda aka daka hagu da dama da fiksel biyu, mai dukan kuma ya tsaya cak. Hoton kawai ke motsi, ainihin matsayinsa a lissafin wasan ba ya gusawa.

Ban koyi wannan a aji ba. Lokacin da nake koyon sana'ar, bidiyon tsoffin wasannin faɗa nake ɗauka, ina matsa shi firam bayan firam ina ƙirgawa a takarda. A nan na ga duk dukan da ke min daɗi a hannu akwai 'yar tsayuwa ɓoye a cikinsa, kuma tsawonta yana bin ƙarfin dukan. Har yau haka nake sa sabbin yaranmu su fara.

Masu aikin araha layi ɗaya suke rubutawa a Unity, manhajar haɗa wasanni, su karɓi kuɗinsu:

```
Time.timeScale = 0f;
```

Wannan lokacin wasan gaba ɗaya yake tsayarwa, har tartsatsin duka da agogon zagaye. Idan aka jira da `WaitForSeconds` don a sake shi, wasan ba zai farka ba, domin wannan jiran da lokacin da aka tsayar yake ƙirga. Mu kowane mayaƙi muna ba shi ma'ajin ƙirgensa na firam, yana sauka har sifili, sauran duniyar wasan tana tafiya. Kuma muna ci gaba da karanta maɓallai a lokacin, mu ajiye abin da aka danna ya fita da zarar an saki. Alamar an yi sakaci a nan ita ce mai wasa ya ce yana dannawa amma jerin dukansa yana yankewa. Harin da ke duka sau biyar a jere kuwa, idan kowanne ya ci firam 12, daƙiƙa guda ta tafi a tsaye. Irin wannan muna ba na farko-farko firam 3 ko 4, mu bar mai tsawo ga na ƙarshe.

Walƙiya ba ta da wuya. Jikin wanda aka daka ne ke yin fari na firam 2, a firam ɗaya da ƙarar dukan. Ba ma haska allo gaba ɗaya, kuma ba ma yarda babban haske ya wuce sau uku a daƙiƙa, saboda masu farfaɗiya.

Sai girgizar da kowa ke nema. Babban duka kaɗai muke ba, kyamara ta fara tafiya inda naushin ya nufa, kamar fiksel 8, tana raguwa har ta mutu kafin daskarewar ta ƙare. Ma'aunin jini da agogo ba sa girgiza tare da kyamara. Masu kwaikwayo suna girgiza allo a kowane taɓi, ƙarami da babba su zama ɗaya, mai wasa ya kasa auna tazara, kansa ya fara juyawa. Shi ya sa kullum muke sa maɓallin rage ta ko kashe ta.

Kafin mu miƙa aiki, muna kashe sauti, mu rufe ma'aunin jini, mu zaunar da wanda bai taɓa ganin wasan ba. Idan ya iya faɗa mana wane duka ne ƙarami, wanne ne babba, wanne aka tare, sai mu kira mai aikin ya zo ya gwada da hannunsa.