Zango 14 a rana: yadda na yi karatun Bak a zafin Garwa

Shirin jarrabawar Bak, wato ta kammala sakandare, a Garwa da ke arewacin Kamaru yana faɗowa ne a tsakiyar bazara. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, tun kafin azahar kwanon rufi ya fara huci, ga wuta da ake ɗaukewa ba sanarwa. Shi ya sa yawancin 'yan ajinmu suka mai da dare rana: bayan isha'i maza su taru ƙarƙashin fitilar titi da butar shayi, mata kuma a tsakar gida da tocila, sai ƙarfe biyu ko uku. Ban ga laifinsu ba, dare ne kaɗai yake da sanyi. Amma ni hanyar da na bi daban ce, kuma har yau ina ganin ita ta fi.

Yayana da ke jami'a a Marwa ne ya nuna min tsarin Fomodoro da ya zo hutu. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi, da wani ɗan agogon dafa abinci mai siffar tumatir. Ƙa'idar ba ta da yawa. Ka zaɓi aiki guda, ka saita minti 25, ba ka taɓa komai sai shi har ƙararrawa ta kaɗa, ka ja sanda ɗaya a takarda, ka huta minti 5. In ka cika huɗu sai ka yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30. Ni da yayana zango muke ce wa kowane minti 25 ɗin.

Abin da ya fi komai yi min amfani shi ne rubuta aikin zangon kafin in kunna agogo. "Karatun ilimin halittu" ba aiki ba ne, domin ba shi da bakin da za a kama. Ni ɓangaren kimiyya na yi, wanda ake ce wa D, kuma tambayoyin gadon halitta na ƙudan 'ya'yan itace ba sa ƙarewa a tsofaffin takardun jarrabawa. To sai in rubuta: zangon farko, in karanta tambaya, in fitar da wane hali ne ya rinjayi wane, in zana jadawalin haɗin jinsi. Na biyu, in duba ko adadin da aka bayar ya dace da rabon 9:3:3:1 na dokar gado ta Mendel, in bai dace ba in nemo dalili, wanda sau da yawa shi ne halayen biyu suna kan kurumosom ɗaya. Na uku, sabuwar tambaya ba tare da na leƙa littafi ba. Na huɗu, in gwada amsata da ta malam, in rubuta inda muka saɓa. Idan tunani ya faɗo min a tsakiya, kamar kuɗin hoton takardu ko saƙon da ban amsa ba, sai in rubuta shi a gefen takarda da kalma biyu in ci gaba. In hutu ya zo na duba, rabinsu ma sun daina damuna.

Cirillo ya ce zango ba ya rabuwa, in aka katse shi ya lalace, ba a ƙirga shi. Ya kuma ba da shawarar ka ce wa mai neman ka ya dakata, za ka neme shi in ka gama. Wannan yana yi da ƙawa ko ƙane, amma 'yar Hausa ba ta ce wa mahaifiyarta dakata. Maganin da na samu shi ne in riga aiken zuwa. Kafin in zauna sai in je in durƙusa in ce, "Inna, akwai abin da za a yi? Zan shiga karatu sai wajen sha ɗaya." Niƙa ne, cefane ne, wanke-wanke ne, in gama shi tukuna. Ba a daɗe ba da kanta take korar yara daga ƙofar ɗakina, tana cewa, "Ku bar yayarku, agogonta bai kaɗa ba." In kuma ta kira ni a tsakiyar zango, na tashi, zangon ya tafi, ba na jan sandarsa, shi ke nan.

A ranakun da babu makaranta, wato hutun ƙarshen zangon karatu na biyu da makonnin da suka rage kafin jarrabawa, salla da rana ne suka yanka min yinin. Bayan asuba da azkar, daga 5:30 zuwa 7:25, zango huɗu na abin da ya fi wuya, lissafi ko fizik, domin a lokacin gari da sanyi, gida shiru. Sai koko da ƙosai da aikin gida. Daga 9:00 zuwa 10:55 wasu huɗu. Daga nan ba na sake buɗe littafi sai bayan la'asar, 4:00 zuwa 5:55, a inuwar darbejiya. Bayan isha'i biyu kacal, su ma na bitar abin da na yi da safe ne, littafi a rufe, ina faɗa da baki. Jimla 14, wato awa 5 da minti 50. Da na gaya wa wata ƙawata sai ta yi mamaki, ta ce ita awa goma take yi. Na roƙe ta ta gwada jan sanda yini guda. Da yamma ta zo min da sanda takwas. Ba malalaciya ba ce ko kusa, sauran lokacin littafi yana buɗe a gabanta amma hankali yana wani wuri, kuma babu abin da yake nuna mata hakan.

Hutun minti 5 ba na yin sa a zaune. In tashi, in ɗebi ruwan randa in sha, in wanke fuska, in kalli nesa don ido ya huta. A zafin nan mutum yana zubar da gumi bai sani ba, kuma ciwon kan da ke zuwa da hantsi sau da yawa ƙishirwa ce. Waya kuwa ba hutu ba ce. Saƙo ɗaya ya isa ya bi ka cikin zangon gaba, shi ya sa nake cire ta daga layi, in kifa ta can nesa, ƙararrawarta kawai nake so.

Duk wannan bai tsaya da ƙafarsa ba sai da barci, kuma takardar sandunan ce ta nuna min. A saman kowace rana nakan rubuta lokacin da na kwanta. Daren da biki ko baƙi suka kai ni sha biyu, washegari agogo yana kaɗawa yadda ya saba, amma zangon babu komai a ciki. Alamun ba sa ɓuya: ka karanta layi sau uku ba ka san me ya ce ba, ka kwafi lamba daga layin sama ka yar da alamar ɗebewa, kai ya yi gaba ka farka da biro ya ja layi a takarda. Karatu a wannan hali ɗiban ruwa ne da kwando. In na ga haka ba na ƙara zango, rage su nake yi in kwanta da wuri.

Dalilin a jiki yake. Baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9, wanda bai kai 18 ba kuwa 8 zuwa 10. Barci yana zagayawa ne, kowane zagaye kamar minti 90. Mai nauyin ya fi yawa a farkon dare, mai mafarkin kuma ya fi yawa gab da asuba, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu ya tashi asuba bai cika zagaye biyu ba. Tunda lokacin asuba ba ya matsawa, lokacin kwanciya ne dole ya matso. Ni 9:30 na kafa, in tashi 4:45. Wahalar ita ce jiki sai ya ɗan huce kafin barci ya ɗauka, ɗaki kuwa ya sha rana yini guda. Sai in watsa ruwa, in yayyafa wa ƙasa ruwa, in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in ɗaura gidan sauro.

Ƙailula ma na sa mata agogo, minti 20 bayan abincin rana. A wannan lokacin jiki da kansa yake yin sanyi ko an ci abinci ko ba a ci ba, faɗa da shi ɓata lokaci ne. Amma in ta zarce ta kai minti 45 ko awa, an shiga barci mai nauyi, sai a tashi kai kamar an ɗaure shi, dare kuma barci ya ƙi zuwa.

Sai shayi da goro. Akwai wani sinadari, adenosin, da yake taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke, shi ne yake kawo nauyin ido. Kafeyin da ke cikin shayi da kofi da goro ba ya kawar da shi, toshe wurin da yake kamawa kawai yake yi, gajiyar tana nan tana jira. Kuma yana daɗewa: bayan kamar awa 5 rabin abin da aka sha yana nan a jini. Shayin ƙarfe biyar na yamma ke nan rabinsa yana tare da kai ƙarfe goma na dare. Ni nawa da safe ne, in azahar ta wuce sai ruwa ko zoɓo.

Minti 25 ba ya dacewa da kowane aiki, a nan na saɓa wa ƙa'idar da gangan. Doguwar tambayar lissafi, wadda amsar kashi na uku take rataye da na farko, ƙararrawa takan kaɗa ne daidai lokacin da zaren ya fara kamuwa. Irin wannan nakan ba ta minti 50 da hutun minti 10, in ja sanda biyu. Babbar matsalar kuma ita ce a ɗakin jarrabawa babu mai ba ka hutu, takardar lissafi awa huɗu ce a zaune. Don haka da Mayu ya kama, ranar Asabar na ajiye agogon zango gefe. In ɗauki tsohuwar takarda guda, in zauna ƙarfe takwas a kan kujera da teburi, da gorar ruwa, ba tashi sai sha biyu. Hutun da nake yi a ciki shi ne wanda za a bar ni in yi a can: in na gama tambaya in ajiye biro, in rufe ido, in ja numfashi a hankali kamar minti ɗaya, in sha ruwa, sannan in juya shafi. A irin wannan zaman na gane cewa kurakuraina suna taruwa ne a awa ta uku, sai na koma fara babbar tambaya tun a awar farko, in bar ƙananan zuwa baya. Ranar da na yi haka ba na ƙara komai da yamma sai zango biyu bayan la'asar na duba amsoshi, kuma takwas da rabi na kwanta.