Tambayar baka ba tarko ba ce

Yau a Jos mun wuni tsara jarabawar baka ta masu koyon Turanci, abin fa sai da lissafi. Misali batun kasuwar Taminus, ka fara da me ka saya, sunan kaya kawai ake nema, sai ka ce ba ni labarin zuwanka na ƙarshe, nan za ka ji ko ya iya maganar abin da ya wuce, daga nan sai da kuɗinka bai kai ba ya za ka yi, wannan ce mai wuyar. In ɗalibi ya kakare sau 2 a mataki ɗaya kada ka matsa gaba, koma ƙasa, matakinsa ke nan. Tambayar e ko a'a kuwa ɓata lokaci ce wallahi, mai haddar amsa ma sai ya tsallake.